An Turo, Amma Bai Buɗe Ba

An cire allon katakon da ke jikin bangon shagon tela a bakin layinmu a Narayi, kuma ba wanda ya yi cigiyarsa. Shekara da shekaru a kansa ake liƙa lissafin unguwa: kuɗin 'yan banga, gudummawar gyaran kwata kafin damina, karo-karon taransifoma in ta ƙone. Takardun kan yi ja da ƙurar hunturu, ruwan sama ya naɗe gefensu, amma duk mai wucewa zai tsaya ya bi layi da yatsa har ya ga sunansa. Yau lissafin yana cikin waya. Sakatare kan turo mahaɗi a guruf ɗin WhatsApp na masu gidaje, abin nan da yara ke ce wa linki, kafin a jima sai amsoshi su fara zubowa, kusan duk iri ɗaya: bai buɗe ba.

Tsohon sakatarenmu akawu ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kafin su durƙushe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000. Daga can ya taho da ɗabi'ar littafi. Yana da babban littafi mai baƙin bango da jan gindi, yana jan layi da rula, kuɗin shiga da shuɗin biro, na fita da ja. In lokacin taro ya zo sai ya kai wa mai tafireta a hanyar Barnawa, a buga da kabon kwafi uku, na ukun har sai ka kanne ido kafin ka karanta. Daga baya injin fotokwafi ya zo, da ƙarar janareto da ɗumin takarda in ta fito. Kwafi ɗaya ya hau allo, ɗaya ya tafi wurin shugaba, littafin kuwa ya koma cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, dattijon nan yana raba izini hawa-hawa ba tare da ya taɓa ba shi suna ba. Abin da ke kan allo na kowa ne, har baƙon da ya zo wucewa. Littafin kuwa sai ka je gidansa ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma, ya buɗe shafin da ya shafe ka, yana riƙe da shi kana dubawa. In kana da ƙorafi ka faɗa, ya rubuta da fensir a gefe. Biro kuwa mutum biyu kaɗai ke ɗora shi a kan littafin, shi da ma'aji. In wani ya ce a ba shi ya je gida da shi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, duba a nan, gani ai ya kori ji." Miƙa takarda da ba da izinin karanta ta aiki ɗaya ne a hannunsa. In ya ba ka, to ya yarda ka gani.

Yanzu aikin nan ya rabu biyu, kuma nan ne tushen matsalar. Takardar da ke Google Drive ba ta barin wurinta. Tana zaune a manyan kwamfutocin kamfanin, abin da ake turo maka adireshinta ne kawai. Mahaɗi kwatancen gida ne, ba mabuɗi ba ne. Za ka bi shi har ƙofa, amma shiga sai mai gida ya riga ya ce a bar ka. Ga yadda adireshin irin wannan takarda yake:

```
https://docs.google.com/spreadsheets/d/.../edit?usp=sharing
```

A wurin ɗigo ukun nan akwai dogon jerin haruffa da lambobi, shi ne sunan fayil ɗin a wurin Google. Kalmomin `edit` da `sharing` da ke ƙarshe suna ruɗin mutane, sai su ɗauka an ba su damar gyara. Ba su ba da komai. Izini ba ya cikin mahaɗin, yana cikin wani jeri da ke manne da fayil ɗin, kuma duk sabon fayil da ka buɗe a asusunka na kanka yana farawa ne a kulle, a matsayin da aka rubuta `Restricted`, wato kai kaɗai da waɗanda ka sa adireshin imel ɗinsu.

Ita kanta na'urar ta canza hali a kan idonmu. Google Drive ya fito ne a watan Afrilun 2012, kuma shekaru da dama akwai maɓallin `Get shareable link`, wanda da ka latsa shi yake buɗe takardar ga duk mai mahaɗin, sannan ya kwafo maka. A 2020, shekarar da aka kulle Kaduna saboda korona kuma tarukan unguwa da na makarantu suka koma waya, aka sake fasalin wurin. Maɓallin `Copy link` na yanzu kwafa kawai yake yi, ba ya taɓa makulli. An yi hakan ne don kada mutum ya tona asirin takardarsa cikin rashin sani, kuma dalili ne mai kyau. Amma hannun da ya saba da na dā ya ci gaba da latsawa yana turawa.

Bari in bi abin da ya faru a layinmu daki-daki, lokacin da taransifoma ta lalace aka yanka wa gidaje 60 naira 10,000 kowanne, jimla 600,000. Sakatariyar yanzu matashiya ce, malamar makaranta, ta iya aikinta. Ta tsara lissafin a Google Sheets: sunan mai gida, lambar gida, lambar waya, abin da ya biya, abin da ya rage. Ta kwafi mahaɗin, ta gwada shi a wayarta, ya buɗe tas, ta tura. A wayoyin sauran mutane kuwa farin shafi ne ya fito da rubutun `You need access`, da maɓallin `Request access` a ƙasa. Gwajin da ta yi bai gwada komai ba, domin wayarta tana cikin asusunta, kuma mai takarda ba ya taɓa ganin ƙofarsa a rufe. Shi ya sa gardamar nan ba ta ƙarewa: wannan na rantsuwa a wurinsa ya buɗe, wancan na rantsuwa bai buɗe ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Mutane da dama suka latsa `Request access` suka zauna jira. Wannan roƙon ba WhatsApp yake zuwa ba, imel yake tafiya zuwa akwatin mai takardar, a cikin ɗaruruwan saƙonnin banki da tallace-tallace da ba wanda ke buɗewa. Da ta leƙa daga baya ta tarar da su, sai wata matsalar ta taso: adiresoshin da ke roƙon ba su yi kama da sunayen maƙwabtanta ba. Da yawa daga cikin dattawanmu ba su suka buɗe wa kansu imel ba. Yaron shagon da ya sayar musu da wayar ne ya haɗa wasu haruffa da lambobi don wayar ta tashi, ya rubuta kalmar sirri a bayan kwali, kwalin ya ɓata. Tsohon sakatare yana ba da izini ne ga fuska da murya da gidan da mutum ya fito. Na'ura kuwa adireshin imel kaɗai ta sani.

Shugaban layin, wanda ya haura shekara saba'in, ya kira ta. "'Yata, abin nan naku ya ƙi ni." Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku faɗa mini imel ɗinku in sa ku." Ya aiko jikansa da adireshin da yake amfani da shi tun yana aiki, ta sa, har yanzu shiru. Dalili shi ne wayar tana ɗauke da asusu biyu, kuma da wanda yaron shago ya buɗe take shiga, ba da wanda aka ba izini ba. Alamar tana nan a kan shafin da ya ƙi buɗewa, domin a ƙasa yana nuna adireshin da aka shigo da shi, tare da damar sauyawa zuwa wani. Duk wanda aka ce an sa shi amma bai shiga ba, nan ya kamata ya fara dubawa kafin ya zargi kowa.

Akwai wasu rufaffun ƙofofin da suke kama da wannan amma ciwonsu daban. In shafin ya ce `Sorry, the file you have requested does not exist`, yawanci mahaɗin ne ya gutsure wajen kwafa, ko an goge fayil ɗin, kuma roƙon izini ba zai yi magani ba. In kuma takardar an yi ta ne da asusun ma'aikata ko na jami'a, mai kula da asusun wurin yana iya hana fitar da komai ga bare. A nan mai takardar zai ga zaɓin sunan ma'aikatarsa, ya zaɓa yana ganin ya buɗe wa kowa, alhali abokan aikinsa kaɗai ya buɗe wa. Takardar unguwa ba ta da abin yi a asusun ofis tun farko.

Da ƙorafi ya yi yawa, wani mai saurin hannu ya ba da shawarar da aka fi bayarwa a irin wannan hali: a buɗe wa kowa kawai a huta. Hanyar ba wuya. A kwamfuta ana latsa `Share`, a waya ana latsa ɗigo uku da ke gefen fayil a shiga `Manage access`. A ƙarƙashin `General access` sai a sauya `Restricted` zuwa `Anyone with the link`. Daga nan duk wanda mahaɗin ya isa hannunsa zai shiga, ko ba shi da asusun Google. A gefe kuma akwai zaɓi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: a wane matsayi zai shiga? `Viewer` yana gani kawai. `Commenter` yana gani ya bar tsokaci a gefe, kamar fensir ɗin dattijo. `Editor` kuwa biro ne a hannunsa, yana iya sauya lamba, ya goge layi.

A nan ne sakatariyar ta tsaya, kuma tsayawar tata ita ce ta fi komai burge ni. In aka haɗa `Anyone with the link` da `Editor`, kowa na iya mai da bashin 10,000 ya zama sifili. Gaskiya ne akwai `Version history` da ke adana yadda takardar take a dā, ana iya dawo da ita. Amma wanda ya shigo ta buɗaɗɗen mahaɗi ba tare da an gayyace shi da suna ba, ba lalle sunansa ya fito ba. Za a ga an yi ɓarna, ba za a ga mai ita ba. Ko da `Viewer` aka zaɓa, akwai abin dubawa. Takardar tana ɗauke da lambobin waya da lambobin gidaje 60, da bayanin wanda ya biya nan take da wanda ya kasa. Magana zarar bunu ce, mahaɗi ma haka: da ya fita daga guruf ɗaya zuwa wani, ba mai iya sanin inda ya kwana. Allon bakin layi sai mutum ya tako Narayi kafin ya karanta shi. Wannan kuwa ɗan damfara zai karanta shi daga ko'ina, ya kira tsohuwa da sunanta ya ce shi ma'aji ne, ta turo cikon kuɗinta ta wata lamba. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu doka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani ya ce to a ɓoye layin lambobin wayar. Wannan ma ba kariya ba ce. Ɓoye shafi ko layi a Sheets kawar da shi ne daga ido kawai, yana nan a cikin fayil ɗin, kuma wanda ya iya kwafar fayil ɗin zuwa asusunsa zai iya bayyana shi. Akwai wani saiti a bayan alamar giya da ke cikin `Share`, inda ake hana masu gani saukewa da bugawa da kwafa. Yana da amfani, amma ba ya hana mutum ɗaukar hoton abin da ke kan allon wayarsa.

Abin da ta yi a ƙarshe shi ne raba takardar biyu. Babban lissafin, mai lambobin waya da basussuka, ta bar shi a `Restricted`, ta sa mutum uku da adireshinsu: ma'aji a matsayin `Editor`, shugaba `Commenter`, mai binciken kuɗi `Viewer`. Ta kuma cire alamar da ke ba masu gyara damar gayyato wasu, domin in ba a cire ta ba, duk wanda aka ba biro yana iya miƙa wa wani. Sannan ta yi sabon fayil daban mai ɗauke da lambar gida da abin da aka karɓa da jimlar abin da aka kashe, ba suna ba lambar waya, ta sa shi `Anyone with the link` da `Viewer`. Ta kula kada ta ajiye su biyun a folda ɗaya da aka buɗe, domin fayil yana gadon izinin foldar da yake ciki: in folda a buɗe take, duk abin da aka jefa ciki ya buɗu. Kafin ta tura, ta buɗe sabon shafin `Incognito` a burauzarta, wanda ba ya ɗauke da asusunta, ta liƙa mahaɗin biyu ɗaya bayan ɗaya. Na jama'a ya buɗe. Na sirri ya nemi a shiga da asusu. Wannan shi ne gwajin gaskiya, domin yana nuna maka takardarka da idon bare, kuma bai kai minti ɗaya ba.

In aka duba da kyau, tsarin tsohon akawun Kakuri ta sake ginawa: allo na kowa, littafi na ƙalilan, biro na mutum biyu. Bambancin shi ne, shi yana yanke hukunci ne a lokacin da mutum ya tsaya a gabansa, ita kuwa dole ta yanke shi tun kafin kowa ya zo.

Ba zan ce zamanin littafi ya fi ba, domin na san abin da ke cikinsa. In sakatare ya tafi ƙauye biki, lissafi ya tafi hutu. In ba kwa shiri da shi, sai ka yi ta sallama ana ce maka ya fita. Gara da ɗigar rufi sun ci littattafan ƙungiyoyi da yawa, kuma shafin da aka yage ba ya dawowa. Kwafin da ke kan allo yakan saɓa da na hannun shugaba in an yi gyara bayan bugu, a yi ta musu a kan wanne ne na gaskiya. Yanzu takarda ɗaya ce, in ma'aji ya shigar da kuɗi da yamma kowa ya gani a lokacin. Kuma akwai wata riba da sai ɗan Kaduna zai gane nauyinta. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 garin ya rabu, mutane da yawa suka ƙaura daga wannan gefen kogi zuwa wancan. Akwai masu gidaje a Narayi da yanzu suke zaune a Kawo ko Rigasa, haya kawai suke karɓa. Dā sai sun tsallako gada kafin su san inda kuɗinsu ya shiga. Yau suna gani daga inda suke, su biya nasu, su yi tambaya. Izinin ma ana iya janye shi: in ma'aji ya sauka, a cire sunansa a daƙiƙa ɗaya, abin da ba a iya yi wa fotokwafin da ya riga ya shiga aljihu.

Amma an yi asara, kuma ba a kan kowa ta faɗa daidai ba. Mai ƙaramar waya, da wadda datarta ta ƙare, da wanda bai karanta Turancin da ke kan maɓallan ba, dā duk suna iya tsayawa gaban allon katako, ko su ce wa yaro ya karanta musu. Yanzu sai sun nemi alfarma. Akwai kuma zargin da rufaffen mahaɗi ke haifarwa. Mutumin da ya biya kuɗinsa, aka ce ga lissafi, ya latsa aka ce masa ba shi da izini, ba ya tunanin saiti. Abin da ke zuwa masa shi ne ana ɓoye wani abu. A maganar kuɗin jama'a, 'yan sa'o'i na irin wannan shiru sun isa su ɓata sunan mai gaskiya.

Babbar asarar kuwa ba ta bayyana sai an daɗe. Littafin dattijo na unguwa ne, ranar da ya sauka ya miƙa shi a gaban taro, aka tafa. Fayil kuwa na asusun da ya ƙirƙire shi ne. In sakatare ya ƙaura, ko ya rasu, ko wayarsa ta ɓata da kalmar sirrinta, ba mai iya amsa `Request access` sai wanda aka riga aka ba damar. In ya goge fayil ɗin don neman wuri a cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, kwana 30 zai yi a kwandon shara ya tafi ga kowa da kowa. Kuma kamfanin ya ce tun daga Disamban 2023 yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da duk abin da ke cikinsa. Maganin yana nan a wuri guda da sauran: a sa sabon sakatare a matsayin `Editor`, a latsa gefen sunansa a zaɓi `Transfer ownership`, shi kuma ya amsa. Ko kuma tun farko ƙungiya ta buɗe asusunta na kanta, mutum biyu su san kalmar sirrin.

Ƙungiyoyinmu na unguwa da na adashi da na wuraren ibada sun iya miƙa mulki: ana miƙa hatimi, ana miƙa takardun banki, ana sauya masu sa hannu. Lissafin kansa kuwa ya bar takarda ya koma asusun mutum ɗaya, ba a kuma ƙara shi a jerin abin da ake miƙawa ba. Ya kamata a ranar zaɓe, kafin a tashi taro, a buɗe `Manage access` a gaban jama'a a karanta sunayen da ke ciki da ƙarfi: wane ne mai takardar, wa ke gyarawa, wa ya sauka amma har yanzu yana ciki. Sannan a buga taƙaitaccen lissafin a takarda ko da kwafi biyar ne, saboda waɗanda waya ba ta kai gare su ba, domin su ma sun biya nasu 10,000.